Aji 12, ɗaki 10: ina karon yake fitowa a jadawalin CEG ɗinmu?

Mushe Isuhu: Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawara kan jadawalin darasi na bana. CEG ce a bayan garin Maraɗi. Muna da aji 12: siziyam 5, sankiyam 3, katiriyam 2, turwaziyam 2. Ɗakunan gini 10 ne kawai, rumfuna biyu da ake yi mana duk shekara ba za su tsaya ba sai an gama girbi an samu kara da zana. Litinin zuwa Alhamis muna yin awa 5, daga ƙarfe 8 zuwa 11, a huta rabin awa, a koma 11:30 zuwa 1:30. Juma'a da Asabar awa 4. Da na cire darussan da ba mu da malaminsu bana, kowane aji ya tashi da awa 26 a sati, 2 daga ciki na wasanni ne a fili. Duk yadda na jera, sai in tarar da aji biyu cikin ɗaki ɗaya ko malami ɗaya a aji biyu. In na gyara Litinin sai Talata ta ɓaci. Daga ina ake farawa?

Harisu: Wa alaikumus salam. Mushe, ka fara da siziyam A ka cika satinta kaf, sannan B, haka har turwaziyam. In ka zo aji na gaba sai ka riƙa leƙa na baya don kada ka maimaita malami. Da fensir za ka yi, don gogewa.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam. Harisu, fensir ɗin daidai ne, amma bin aji ɗaya bayan ɗaya shi ke jawo abin da Isuhu ke kuka da shi. Azuzuwan farko su kwashe duk guraben da sunka fi daɗi, na ƙarshe su tarar malamansu duk an kama su. Kuma turwaziyam ce za ta zo ƙarshe, ita da ke da BEPC a gabanta.

Isuhu, aje jadawalin tukuna, mu yi lissafi. Awa 5 sau kwana 4 ashirin ke nan, ka ƙara 4 na Juma'a da 4 na Asabar, kana da gurbi 28 a sati. Ɗaki 10 sau 28, awa 280 ke nan ɗakunanka ke iya ɗauka. Aji 12 kuwa, kowane na son awa 24 cikin ɗaki in an cire wasanni, 288 ke nan. Kana neman 288, kana da 280. Awa 8 ba su da wurin zama. Ba hannunka ne bai iya ba, jadawalin da kake nema ne babu shi. Ko wa ka ba aikin ga, sai karo 8 aƙalla sun fito mashi, sai dai ya ɓoye su wani wuri da ba ka duba ba.

Mushe Isuhu: Ikon Allah. To Malam, ai kowane aji na da awa 2 da ba ya da darasi, tunda 26 ne cikin 28. Wannan bai rufe giɓin ba?

Malam Lawali: An riga an lissafa su. Duba ta wannan ɓangaren. A kowane gurbi, aji 10 kawai ke iya zama ciki, dole biyu su kasance waje. Gurbi 28 sau 2, kana bukatar 56. Me kake da shi? Wasanni 24, awowin banza 24, jimla 48. Saura 8, su ne dai waɗancan.

Yanzu mu gano inda takwas ɗin ga suke kwance, don ba ko'ina suke ba. Malaman wasanni nawa gare ka?

Mushe Isuhu: Biyu ne.

Malam Lawali: Madalla, sa'a ka yi. Wasanni a Maraɗi ba a kai su bayan ƙarfe 10, wanda ya san ranar Afrilu ba sai an gaya mashi dalili ba. Ke nan 8 zuwa 10 ne, kwana 6. Malami biyu, kowane da aji guda kowace safiya, aji 12 sun samu cif. Wannan ya warware maka awa biyun farko na kowace rana, don kullum aji biyu na fili, goma na ciki. Da malami ɗaya gare ka, da aji 6 kawai za su samu safiya.

Sai awowin banza. Kada ka warwatsa su tsakiyar rana, yara su yi ta yawo bakin taga suna hana wasu karatu. Ka haɗa biyun wuri ɗaya a ƙarshen yini, aji ya tashi da wuri sau ɗaya a sati. Litinin zuwa Alhamis aji biyu su tafi gida ƙarfe 11, Juma'a da Asabar aji biyu su tafi ƙarfe 10. Kwana 6 sau 2, aji 12, kowa ya samu ranarshi. To me ya rage? Awa ta uku, 10 zuwa 11, daga Litinin zuwa Alhamis. Ƴan wasanni sun dawo, masu tashi da wuri ba su tafi ba, aji 12 duk suna son ɗaki. Kwana 4 sau aji 2, ga awa 8 ɗinka. Nan kaɗai matsalar ɗaki take.

Malama Zainabu: Malam Lawali, Allah ya ƙara basira. Amma ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. A lakwal ɗinmu kowane malami shi ke rubuta jadawalin ajinsa ya manna jikin bango, dirakta ya sa hannu, shi ke nan. Me zai hana Mushe ya bar wa kowa nasa?

Harisu: Malama, ke firamare kike, malami ɗaya ke riƙe da aji tun safe har a tashi, ba wanda zai yi karo da shi. A CEG malamin lissafi ɗaya na shiga aji huɗu, aji ɗaya kuma na ganin malamai bakwai ko takwas. In kowa ya zaɓa wa kansa, duka za su zaɓi 8 zuwa 10.

Malama Zainabu: To, na gane. Amma batun rumfa ya shafe mu mu ma, ina biye da ku.

Abdu Razak: Ni shawarata a daina wahala da takarda. Akwai FET, shiri ne na kwamfuta mai haɗa jadawali, kyauta ne, yana da Faransanci, kuma ba ya bukatar intanet in ka riga ka sauke shi. Ka shigar da malamai, azuzuwa, ɗakuna da darussa, ka danna, ya fitar maka da jadawalin aji da na malami da na ɗaki ba karo ko ɗaya.

Malam Lawali: Abdu Razak, FET aiki ne mai kyau, ban raina shi ba. Amma ka ba shi 288 cikin 280 ka ga abin da zai yi. Zai jera mafi yawan darussan, ya zo kusa da ƙarshe ya tsaya yana ta juyi, mutum na zaune yana jira yana zaton kwamfutarshi ce ba ta da ƙarfi. Ba ya ƙirƙiro ɗaki. Lissafin ga dole a yi shi da hannu kafin a buɗe shi.

Abdu Razak: Gaskiya ne, wannan yana faruwa. Abin da ake yi shi ne ka fara gwada shi da darussa da malamai kawai, in ya fita sai ka riƙa ƙara sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya kana sake gwadawa. Sharaɗin da ka ƙara ya tsaya, shi ne mai laifin. Masu zuba sharuɗɗa talatin lokaci guda, duka a kan kashi 100, su ne ba sa gane inda ya maƙale.

Mushe Isuhu: To Malam, awa 8 ɗin nan ya zan yi da su?

Malam Lawali: Hanya biyu nike gani. Ta farko, ɗaki na 11. In akwai mangaza ko wani ɗaki da zai ɗauki aji mafi ƙanƙanta, ko na wucin gadi ne, magana ta ƙare. Da ɗaki 11 aji guda kawai ke bukatar zama waje a kowane gurbi. Wasanni sun rufe gurbi 12 na safe, saura 16, kai kuma kana da awowin banza 24. Har da rara.

Ta biyu, in babu ɗakin, ka ɗauke awa 8 ka kai su marece. Kada ka raba su aji 8 awa ɗai-ɗai, ba yaron da zai dawo daga gida don awa guda. Ka zaɓi aji 4, kowane awa 2, rana guda da marece, misali Laraba 4 zuwa 6. Ni katiriyam biyu da turwaziyam biyu zan zaɓa, su ne manya. Kowane cikinsu zai bar awa ta uku sau biyu: ranar wasanninshi, ya huta ya wanke jiki daga 10 har 11:30, da ranar tashinshi da wuri, ya tafi ƙarfe 10 maimakon 11. Ka haɗa su bibbiyu kamar haka. 4A wasanni Litinin, tashi da wuri Talata. 4B wasanni Talata, tashi da wuri Litinin. 3A wasanni Laraba, tashi da wuri Alhamis. 3B wasanni Alhamis, tashi da wuri Laraba. Ƙirga ka gani, kowace rana daga Litinin zuwa Alhamis aji biyu na waje daga 10 zuwa 11.

Malama Ramatu: Baba Lawali, lissafin ya fita, amma ban yarda da marecen ba. CEG ta bayan gari ce, ya faɗa. Irin waɗannan makarantun rabin yaran daga ƙauyukan kewaye suke takowa, wasu tafiyar awa guda a ƙasa. Yarinyar turwaziyam da ta tashi ƙarfe 6 a watan Disamba, magariba a hanya za ta riske ta. Iyaye za su hana, kuma ƴan matan ne za a fara hanawa. A takarda awa 2 suna nan, a ajin kuwa benci ne ba kowa. Sannan 3B ranar Laraba za su tafi gida ƙarfe 10 su dawo ƙarfe 4, tafiya huɗu ke nan rana ɗaya.

Malam Lawali: Maganarki na da nauyi, Ramatu. Rumfunan za su tsaya kafin Disamba in Allah ya so, jadawalin na sati shida ne ko takwas. Amma na ji batun 3B, ana iya kai marecen wata rana.

Malama Ramatu: Duk ranar da aka zaɓa daga Litinin zuwa Alhamis akwai aji ɗaya cikin huɗun da ya tashi ƙarfe 10. Kuma rumfa "in an gama girbi" kowa ya san yadda take, sai kwamitin iyaye ya tara kuɗin kara da itace, wani lokaci sai Janairu. Ni da a ce ni ce, gara in ƙara awa ta biyar ranar Asabar, 12 zuwa 1. Gurbi ɗaya ne, ɗaki 10, ya ɗauke awa 8 ɗin gaba ɗaya, aji 8 kowane awa ɗaya, kuma yara suna nan ba sai sun je sun dawo ba.

Malam Lawali: Wannan ma ya fita a lissafi, 29 sau 10, 290. Sharaɗinshi guda: aji 8 ɗin su zama masu wasanni Litinin zuwa Alhamis, su ke barin awa ta uku bayan sun dawo daga fili, kuma kada ko ɗaya cikinsu ya zama mai tashi da wuri ranar Asabar. Abin da nike tsoro shi ne malamai. Awa ta ƙarshe ranar Asabar ita ce wadda anka fi gudu, kuma kina bukatar malami 8 daban-daban a cikinta.

Malama Ramatu: Gudun malami dirakta na iya maganinsa. Duhu a hanya ba ya iyawa.

Sa'adu na Tibiri: Ku yi haƙuri in sa baki. Ba ku ce wane aji ne zai rasa ɗakin kansa ba. Mu abin da muka saba, siziyam ake ba rumfa tunda su ne ƙanana, to su ne ya kamata su yi yawon.

Mushe Isuhu: Haka na yi niyya, 6D da 6E.

Malam Lawali: Yara nawa cikinsu?

Mushe Isuhu: Siziyam kowane ya haura 80. Katiriyam 50 da ɗoriya, turwaziyam wajen 45.

Malam Lawali: To ka ga. In aji mai 80 ya shiga ɗakin turwaziyam, benci 15 ko 16 zai tarar, rabin yaran ƙasa za su zauna ko su fara jan benci daga ɗakin maƙwabta, minti goma sun tafi kuma bencin ya karye. Wannan ma karo ne, sai dai ba ya fitowa a takarda. Mai yawo dole ya zama wanda kowane ɗaki ke iya ɗauka. Turwaziyam ce ta fi ƙanƙanta amma ba na taɓa ajin jarrabawa. Katiriyam biyu su yi yawon: sun san makarantar, ba su ɓacewa, kuma duk ɗakin siziyam ko sankiyam ya ishe su. Ɗakin turwaziyam ne kawai zai ɗan matse su, sai ka ƙara benci biyu uku a can tun farko. Kuma ka rubuta lambar ɗaki a kowane gurbin jadawalinsu, ka ba sirbeyan kofi, don ba ɗaki guda za su zauna yini ɗaya ba.

Sa'adu na Tibiri: Ban taɓa duba ta wajen benci ba. Amma in rumfunan sun tsaya, siziyam ɗin ne dai za su koma ciki, ba za a sa katiriyam ba.

Malam Lawali: Wannan shawarar makaranta ce, ba ta taɓa awowi. Lambar ɗaki kawai za a canza.

Mushe Isuhu: Saura malamai. Mai fizik da shimi da wata makaranta muke raba shi, Litinin, Talata da Alhamis kawai yake zuwa. Yana da katiriyam da turwaziyam, awa 3 kowane. Lissafi kuma awa 5 ne kowane aji, malamai uku, kowane aji huɗu, kuma dukansu sun ce safe suke so.

Malam Lawali: Tsarin jerawa ke nan: wanda ba ya da zaɓi shi ke fara shiga. Wasanni tukuna, sai wanda ake raba shi da wata makaranta, sai mai shayarwa ko mai wani uzuri tabbatacce, sai masu awa da yawa irin lissafi da Faransanci, masu awa ɗaya ko biyu su zo ƙarshe su cike ramuka. Kamar loda amalanke ne, buhuna ke fara hawa, ƙullin kaya ya samu tsakani.

Mai fizik na da awa 12 cikin gurbi 15. Awa 3 ana raba su 2 da 1 a ranaku daban. Ka lura awa biyu a jere na da wuri uku ne kawai a yini: ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 3, ko ta 4 da ta 5. Ta 3 da ta 4 hutu ya raba su. In munka bi tsarin marece da na kawo, ga yadda zai zauna. Litinin: 4B awa ta 1 da 2, 3B ta 3, 3A ta 4. Talata: 4A ta 1 da 2, ya huta ta 3, 3B ta 4 da 5. Alhamis: 3A ta 1 da 2, 4A ta 3, 4B ta 4. Awa 4 kowace rana, kowane aji ya samu 3, ba wanda ya faɗa kan wasanni ko lokacin tashi. In ka ɗauki shawarar Ramatu sai a sake jera shi, kuma zai fi sauƙi, don ba ajin da ke tafiya ƙarfe 10 cikin kwanakin nashi. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka bar shi sai ƙarshe. Kuma ka nemi jadawalinshi na waccan makarantar a rubuce, kada ka tsaya ga "ai Talata ina nan".

Harisu: Batun lissafi ni ina bayan malaman. Lissafi ƙarfe 12:30 cikin zafi ɓata alli ne, yara barci suke. A sa shi 8 zuwa 10 duka.

Malama Ramatu: Harisu, ƙirga mana. Lissafi awa 60 ne a sati. Awa biyun farko gurbi 12 ne, malamai uku, iyakarsu 36. Ko ka ba su har ƙarfe 11, gurbi 18 sau 3, 54 ne. Dole aƙalla awa 6 su faɗa awa ta huɗu ko ta biyar, kuma wannan in an ce Faransanci da sauran duk su kauce musu ke nan, abin da ba zai yiwu ba. Tambayar ita ce wa zai ɗauki na ranar. A raba: kowane aji ya samu awa biyu a jere da safe sau ɗaya, sauran ukun ɗai-ɗai a ranaku daban, kada aji ɗaya ya sha awa ta biyar fiye da sau ɗaya. Abin da ke ɓata rai shi ne ka ga 6A duk lissafinta da safe, 6E duk nata da rana, sannan ƙarshen shekara a ce 6E ba su da ƙoƙari.

Harisu: Na yarda da lissafin. Amma turwaziyam dai a ba su safe gaba ɗaya.

Malama Ramatu: Awa 10 ne, ana iyawa, amma siziyam ce za ta biya, kuma can ne yara suka fi faɗuwa.

Mushe Isuhu: Wani abin da ke kashe ni shi ne awa ta ƙarshe. Komai ya zauna, saura awa ɗaya, ajin na da gurbi amma malamin na wani aji a lokacin.

Malam Lawali: Nan ne mutane ke goge rabin jadawali, alhali gurbi biyu kawai za ka taɓa. A ce saura awa guda ta Faransanci a 5B. Ramin 5B Talata awa ta 3 ne, amma malamin, mu kira shi F2, yana 6C a lokacin. Nemo inda F2 ba ya da kowa, a ce Alhamis awa ta 4. A can 5B na da tarihi da H1. To ka ba F2 Alhamis ɗin, ka kai H1 Talata awa ta 3. In H1 ba ya da kowa a nan, an gama. In kuwa yana 6A, sai ka ɗauke wannan darasin nashi na 6A ka kai Alhamis awa ta 4, tunda yanzu ya bar 5B wurin ya buɗe mashi. Wanda ke 6A ranar Alhamis ɗin, a ce malamin SVT, shi kuma ya dawo Talata. Haka za ka bi, tsakanin guraben nan biyu kaɗai, har ka faɗa kan malamin da ba ya da kowa. Sarƙar nan ba za ta komo kan F2 ba, don ba ya da darasi a gurbin Alhamis da za a taɓa.

Inda take tsinkewa wuri uku ne. In ta faɗa kan malamin da ba ya zuwa ɗaya daga ranakun, kamar mai fizik. In ta faɗa kan rabin awa biyu a jere, za ta raba su. Ko ta kai darasi cikin awar da ajin ya kamata ya tafi gida, sai aji 11 su tashi suna neman ɗaki 10. In haka ta faru, mayar da komai yadda yake, ka zaɓi wani gurbin da F2 ke da sarari ka sake bi. Shi ya sa ake rubuta kowane mataki gefe kafin a goge.

Abdu Razak: Ga mai Excel, ga yadda zai kama karon malami. Azuzuwa 12 a layi na 2 zuwa 13, gurabe 28 daga B zuwa AC, kowane gida ka rubuta lambar malami kawai. Ka zaɓi B2:AC13, ka shiga Mise en forme conditionnelle ka sa wannan, da jan launi:

```
=ET(B2<>"";NB.SI(B$2:B$13;B2)>1)
```

Duk malamin da ya fito sau biyu a gurbi ɗaya zai yi ja. In Excel ɗinka na Ingilishi ne, `AND` da `COUNTIF` ne, da waƙafi maimakon `;`. Ka yi shafi na biyu iri ɗaya da lambar ɗaki, dabarar ɗaya ce, sai dai ka bar gidan ƴan wasanni ba komai, in ba haka ba "fili" zai yi ja kowace safiya. Abu biyu ke sa ya yi ƙarya. In ka rubuta M1 a nan, can kuma M1 da tazara a bayansa, zai ɗauke su mutum biyu. In kuma ka haɗe gida biyu don awa biyu a jere, gidan farko ne kawai ke riƙe da sunan, awa ta biyu ba ya ganinta. Ka rubuta sunan sau biyu.

Malam Lawali: Wanda ba ya da kwamfuta, mutum biyu su zauna. Ɗaya ya riƙe babban jadawali yana karanta gurbi ɗaya daga sama har ƙasa, ɗayan na sa alama a jerin malamai da jerin ɗakuna. Sunan da ya samu alama biyu, karo ne. Bayan nan a ƙirga awowin kowane malami da na kowane darasi a kowane aji a gwada da takardar rabon farko, don awar da ta ɓace wajen gogewa ba ta nuna kanta. Kuma takardar malami da ta aji duk daga babban jadawalin ake kwafe su. Yawancin karon da ke fitowa sati na biyu, an gyara takardar aji ne an manta ta malami.

Sa'adu na Tibiri: To in an turo sabon ɗan kwantiragi a Nuwamba fa, ko an ɗauke wani? Mu shi ke rusa mana komai.

Malama Ramatu: Wanda ake jira a ba shi lamba tun yanzu, X1, a jera awowinsa kamar yana nan, in ya zo ya shiga gurbinsa. Amma ga Mushe Isuhu akwai ƙari: darussan da ya cire don ba malami, in malamin ya zo kafin rumfuna su tsaya, awowin aji za su haura 26, giɓin ya wuce 8. Ko awa ɗaya aka ƙara wa kowane aji, 12 ke nan a kan 8 ɗin, Asabar ɗina ma ba za ta ɗauka ba.

Mushe Isuhu: Na duba mangazar. Tana ɗaukar benci 14 in an kwashe tsoffin littattafai, amma taga ɗaya ce kuma ba allo. Turwaziyam za su iya shiga uku-uku, katiriyam ba za su shiga ba. Malam Lawali, in na sa 3A a mangazar dindindin, aji ɗaya kawai ya yi yawo, ya fi, ko in bar ajin jarrabawa a ɗakinsa in bi ta Asabar?

Malam Lawali: Benci 14 uku-uku 42 ne, 3A nawa ne cif? Kuma kwano ne rufinta ko akwai silin? Je ka tsaya cikinta ƙarfe 12 da ƙofa a buɗe, ka gaya mana kafin mu ce wani abu.